Ƙarfe Ya Cika Shago, Ƙofa Ba Ta Fito Ba: Katin Kanban Da Tsarin Aiki A Wurin Masu Walda

Duk wanda ya taɓa ba da aikin ƙofa ko taga a shagon walda, a Panteka ta Kaduna ne ko a bakin titunan Kano da Maraɗi, ya san amsar da ake yawan ba mai kaya: a dawo jibi. Jibi ta yi, sai a ce mako mai zuwa. Abin da ke ɗaure wa mutum kai shi ne ba zaman kashe wando ake yi a shagon ba. Injin yanka yana kuka tun safe, tartsatsi yana tashi, yara suna ta kai da kawo, ga yankakkun ƙarafa jibge har sun tare hanya. Kowa yana aiki, amma ƙofar da aka karɓi kafin alƙalaminta tun makonni biyu ba ta fito ba.

Mutane kan ɗora laifin a kan rashin wuta ko rashin cika alkawari, kuma wani lokaci hakan ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika kula da shi ba, wato yadda ake yanke shawarar abin da za a fara ƙerawa, da lokacin da za a fara shi. Masana harkar masana'antu sun raba wannan gida biyu. Akwai tsarin turawa, inda maigida ke tsara aiki daga sama, kowane mataki ya yi nasa ya tura gaba, ko na gaban ya shirya ko bai shirya ba. Akwai kuma tsarin janyowa, inda ba mai fara aiki sai na gabansa ya nuna yana buƙata. Alamar da aka fi sani ta nuna wannan buƙata ita ce wani ɗan kati da Japanawa suka ƙirƙiro, mai suna kanban.

Inda aikin ke maƙalewa

A ɗauki misalin shago mai mutum takwas, wanda rabin aikinsa ƙofar ƙarfe ce ta ɗaki, mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 7, irin wadda magina ke saye kullum. Ƙofar tana bin matakai huɗu: a yanka bututun firam da fallen ƙarfe, a lanƙwasa fallen, a yi walda a goge, sannan a shafa jan fenti mai hana tsatsa. A ce mai yanka zai iya yanka kayan ƙofa 12 a yini, mai lanƙwasa ya yi na 8, mai fenti ya shafe 6, amma masu walda biyu, duk ƙoƙarinsu, ƙofa 4 suke haɗawa. Waɗannan lambobi na misali ne, sai dai yanayin haka yake a shaguna da yawa: yanka yana sauri, walda tana cin lokaci.

A tsarin turawa, maigida yana duba kasuwa ranar Asabar, ya kiyasta abin da za a nema, ya sayo ƙarfe, ya ce a yanka. Mai yanka ba ya son a gan shi a zaune, don haka yana yanka 12 ɗinsa. Masu walda su ɗauki 4. Kowace rana kayan ƙofa 8 suna ƙaruwa a ƙasa. Cikin kwana biyar an tara na ƙofa 40, kuma ba abin da ya tsayar da yankan sai ƙarewar ƙarfe ko ƙarewar wurin ajiya.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da wani Ba'amurke, John Little, ya tabbatar a 1961, wanda har yau ake kira da sunansa. Ya ce matsakaicin lokacin da aiki ke yi a cikin layi daidai yake da yawan aikin da ke cikin layin, a raba shi da yawan abin da ke fita. A shagon nan, idan kullum akwai kayan ƙofa 40 a ƙasa kuma 4 ke fita a yini, to ƙarfen da aka yanka yau zai yi kwana 10 na aiki kafin ya zama ƙofa. Ainihin aikin hannu a kan ƙofa ɗaya bai wuce 'yan sa'o'i ba, sauran lokacin duk jira ne. Idan da kayan ƙofa 12 ne a ƙasa, da kwana 3 za a yi, kuma ƙofofin da ke fita suna nan 4 a yini, domin masu walda ne ke ƙayyade su. Saurin mai yanka bai ƙara wa shagon ko ƙofa ɗaya ba.

Ba jira kaɗai tarin ke jawowa ba. Jari ya kwanta, domin kuɗin ƙarfen ƙofa 40 suna ƙasa alhali na 12 sun isa. Idan damina ce, tsatsa ta kama fallen, sai an ƙara goga kafin fenti. Idan mai yanka ya yi kuskuren inci ɗaya a ma'auni ranar Litinin, ba za a gane ba sai kayan sun iso hannun mai walda bayan kwana 10, a lokacin kuwa an riga an yanka da yawa a kan kuskuren. Sannan idan wani mai kaya ya zo yana faɗa, maigida ya ce a ajiye komai a yi nasa, sai na wani ya ƙara komawa baya, shi ma ya zo yana faɗa. Daga nan jerin aiki ya daina bin tsari, ya koma bin wanda ya fi ɗaga murya.

Ba a ce tsarin turawa wauta ba ne. Manyan masana'antu sun gina shi da ilimi. Joseph Orlicky, injiniya a kamfanin IBM, ya wallafa littafi a 1975 a kan tsarin da ake kira MRP, wanda ke ɗaukar ranar da za a miƙa kaya, ya lissafa baya-baya ranar da ya kamata a sayo kowane abu da ranar da za a fara kowane mataki. Rauninsa shi ne yana ɗauka cewa kowane mataki zai ci lokacin da aka rubuta masa, alhali lokacin yana tsawo ne gwargwadon cunkoson da ke gabansa. Idan aiki ya makara, sai a ce a riƙa farawa da wuri, farawa da wuri kuma ya ƙara cunkoso.

Abin da Toyota ta yi

Kanban ya fito ne daga talauci. A 1950 kamfanin Toyota ya shiga matsin kuɗi mai tsanani, aka yi yajin aiki, aka rage ma'aikata, shugabansa Kiichiro Toyoda ya sauka daga kujera. Kamfanin ba shi da jarin da zai tara kaya irin na kamfanonin Amurka, kasuwar Japan kuma ƙarama ce, tana son motoci iri-iri kaɗan-kaɗan. Wani injiniya mai kula da sashen injuna, Taiichi Ohno, ya samu labarin yadda manyan kantunan Amurka ke aiki: mai saye ya ɗauki abin da yake so daga kanta, ma'aikaci ya mayar da daidai abin da aka ɗauka. Ya fara gwada wannan a sashensa a 1953, kafin ma ya je Amurka ya gani da idonsa a 1956. Sai a farkon shekarun 1960 tsarin ya game kamfanin, wato ya ɗauki kusan shekara goma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wahalar ba a buga kati take ba.

Dokokin da Ohno ya kafa ba su da yawa. Mataki na gaba ne ke zuwa ya ɗauki abin da yake buƙata. Mataki na baya yana yin daidai abin da aka ɗauka, ba ƙari. Ba a ƙera komai kuma ba a motsa komai ba tare da kati ba. Ba a tura abu mai aibi gaba. Sannan a hankali a riƙa rage yawan katunan, domin matsalolin da tarin kaya ya rufe su fito fili. Mai waina da ta ƙware ma haka take yi, ba ta soye ƙullunta duka da asuba, tana zubawa a tanda ne gwargwadon yadda faranti ke raguwa.

Katin a shagon walda

A koma ga shagon nan mai mutum takwas. Maigida ya sa a ƙera ƙananan akwatuna ko ragogi na ƙarfe, kowane yana ɗaukar yankakkun kayan ƙofa 2: tsayayyun ƙarafan firam, na sama, da fallen da aka lanƙwasa. A jikin kowane akwai kati, wanda zai iya zama guntun falle da aka rubuta wa fenti, tunda takarda ba ta daɗewa inda ake tartsatsi da baƙin mai. An rubuta irin ƙofar, ma'auninta, yawan kayan, da wanda ke cikawa. Da zarar mai walda ya ɗauki ƙarfe na farko daga akwati, sai ya cire katin ya rataya a ƙusa kusa da injin yanka. Wannan katin shi ne umarnin aiki. Mai yanka ya ga kati ɗaya, ya yanka na ƙofa 2, a lanƙwasa, a cika akwati, a mayar da katin jikinsa. Idan ƙusa ba kati, injin ya yi shiru.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce kati nawa za a yi. Ana ninka abin da ake ci a yini da kwanakin da ake ɗauka kafin akwatin da aka cire wa kati ya dawo cike, a ƙara ɗan rara saboda tsautsayi, sannan a raba da abin da akwati ɗaya ke ɗauka. Masu walda suna cin kayan ƙofa 4 a yini. A ce daga rataya kati zuwa dawowar akwati ana yin yini ɗaya da rabi, an haɗa da jiran layi da ɗaukewar wuta ta yau da kullum. Wannan ya ba da 6. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na rara, ya zama 7.5. A raba da 2, ya ba da 3.75, sai a cike shi ya zama kati 4. Ma'ana, yankakkun kayan da ke tsakanin yanka da walda ba za su taɓa wuce na ƙofa 8 ba.

Tsakanin walda da fenti ba a ma buƙatar kati. A shata gurabe 4 da fenti a ƙasa ko a jikin bango. Idan guraben sun cika da ƙofofin da ke jiran fenti, masu walda su dakata su taimaka a sharce su. Gurbi mara kowa shi ne izinin haɗa wata ƙofar. Da 8 na farko da waɗannan 4, aikin da ke hannu ya tsaya a wajen 12, kwana 10 sun koma kamar 3. Haka ake yi wa ƙofofin da aka gama: a ware musu gurabe ƙididdigaggu a gaban shago, wadda aka saya ita ake mayewa.

Lissafin yana da wani amfani, domin yana nuna farashin kowace matsala. Idan wuta ta lalace har cika akwati ya koma kwana 3, lissafin zai ba da 7.5, wato kati 8, ninki biyu na jarin da ke kwance. Idan kuwa aka gyara aiki ya koma yini ɗaya, kati 3 sun isa. Maigida yana iya kallon ƙusa ya san abin da rashin janareta mai kyau ke ci masa.

Ga ƙananan kaya kamar makulli, sakata, sandar walda da faifan yanka, akwai hanya mafi sauƙi, ta kwali biyu. A ce ana sa makulli 4 a yini, kuma sayowa daga kasuwa kan ɗauki kwana 2. A ajiye kwali biyu masu makulli 12 kowanne. Ana ɗiba daga ɗaya kawai. Ranar da ya ƙare, a kai wa mai sayayya kwalin, a buɗe na biyu, wanda zai kai kwana 3. Shagon da bai shirya wa komai ba zai iya farawa daga nan, kuma cikin mako guda zai daina ganin masu walda biyu zaune suna jiran yaron da aka aika sayen sandar walda.

Abu mafi wuya a duk tsarin shi ne ganin mai yanka ba ya yanka. Tunda yana iya yin 12 kuma 4 ake buƙata, kashi biyu cikin uku na yininsa ba kati a ƙusa. Maigidan da ya saba auna ƙwazo da ƙarar inji zai ji kamar ana cutarsa. Gaskiyar ita ce wannan lokacin dama can ba ya haifar da ƙofa, tarin ƙarfe kawai yake haifarwa. Wurin da ya dace da mai yanka a sa'o'in nan shi ne gefen masu walda: ya jera musu ƙarafa a kan ma'auni, ya ɗaure, ya karɓi aikin guga. Idan wannan taimako ya ɗaga walda daga ƙofa 4 zuwa 5, shagon ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da sayen inji ba. A nan ne kuma yadda ake biyan yara ke shigowa. Muddin ana biyan mai yanka ne a kan yawan abin da ya yanka, ba katin da zai tsayar da shi, kuma ba laifinsa ba ne. Sai an ɗaura ladan kowa a kan ƙofar da ta fita.

Inda katin ba ya aiki

Ɗaya rabin aikin shagon ba ƙofar ɗaki ba ce. Get ne na gida da aka je aka auno, matakalar bene, mazaunin tankin ruwa, rumfar mota, kowanne da ma'auninsa da adon da mai shi ya zaɓa. Kanban irin na Toyota yana nufin a ajiye kaɗan daga kowane abu, a mayar idan an ɗauka. Ba wanda zai ajiye yankakkun ƙarafan get ɗin da ba a san faɗinsa ba. Ko a kayan da ake maimaitawa, idan shago yana da ƙofa da taga iri 30, ya ba kowane iri akwati biyu, zai wayi gari da akwati 60, tarin da ya fi na da. Kati ya dace ne da 'yan kayan da ake nema kusan kullum, waɗanda a yawancin shaguna ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ga aikin oda akwai maganin da masana uku, Mark Spearman da David Woodruff da Wallace Hopp, suka bayyana a 1990, suka sa masa suna CONWIP. Katin a nan ba ya ɗauke da sunan wani kaya, izini ne kawai na fara aiki. A ce shagon ya yi irin wannan kati guda 5. Duk aikin oda da za a fara yanka wa ƙarfe sai an liƙa masa ɗaya, kuma katin yana bin aikin har a ɗora shi a mota. Idan duka 5 suna kan aiki, oda ta shida tana jira a littafi. Wanda ya fi kusa da ranar alkawari shi ke karɓar katin da ya dawo. Jira a littafi ya fi jira a ƙasa ta kowace fuska: mai kaya zai iya sauya ma'auni ba a yi asara ba, kuɗin ƙarfe ba su kwanta ba, maigida kuma zai iya ƙirga layi ya faɗi rana ta gaskiya. Idan shago yana gama aikin oda ɗaya a yini, ga 5 a hannu, ga 7 a littafi, sabon mai kaya ya san maganar kwana 13 ce. Hopp da Spearman sun ƙara fayyacewa daga baya cewa abin da ya sa tsari ya zama na janyowa shi ne ƙayyade yawan aikin da ke hannu, da kati ko ba kati.

Akwai kuma batun sauya saitin inji. Idan sauya bakin injin lanƙwasa daga wani fasali zuwa wani yana cin minti 40, ba zai yiwu a sauya shi saboda ƙofa 2 ba sau shida a yini. Ko dai a bari katunan iri ɗaya su taru zuwa wani adadi kafin a taɓa injin, ko a rage lokacin sauyin. Shigeo Shingo, wanda ya daɗe yana koyar da ma'aikatan Toyota, ya yi suna a kan na biyun. Ya ce a raba aikin sauyi gida biyu, wanda ake iya yi inji yana aiki, kamar kawo bakin da za a sa da sifanonin da za a buƙata, da wanda dole sai inji ya tsaya. Burinsa shi ne sauyi ya koma ƙasa da minti 10. A ƙaramin shago, rataye kayan aiki kusa da inji da yin alamar ma'aunan da aka saba a jikin teburin yanka suna rage lokaci sosai.

Shi ma ƙarfen yana da tasa magana. Falle yana zuwa ne ƙafa 4 da 8, bututu kuma kusan mita 6. Firam ɗin ƙofa ɗaya yana cin tsayayyu biyu na mita 2.1 da na sama na mita 0.9, jimla 5.1, sai guntu ya rage. Mai yanka da yawa a lokaci ɗaya yana iya dabarar haɗa ma'aunai don rage guntaye, wannan kuwa riba ce ta gaske da tsarin turawa ke da ita. Don haka a zaɓi yawan abin da akwati ke ɗauka ta yadda zai cinye cikakken bututu da cikakken falle, a kuma ware wa guntaye wuri bisa tsawonsu, a fara dubawa can kafin a taɓa sabo.

Wuta, tsada da kwangila

Mai shago a arewacin Najeriya zai kawo hujjoji biyu masu ƙarfi. Na farko, wuta ba ta da tabbas, idan ta zo dole a yi abin da za a iya. Wannan gaskiya ne, amma abin da ya kamata wutar ta tarar a shirye shi ne walda, domin ita ce ke ƙayyade abin da zai fita. Idan janareta ba ya iya ɗaukar injin yanka da na walda tare, to a ƙara kati ɗaya ko biyu domin masu walda su samu abin yi, amma a san adadin, a rubuta shi. Rara da aka ƙayyade daban take da tari mara iyaka.

Hujja ta biyu ita ce tsada. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, duk mai sayen ƙarfe ya ga yadda farashi ke tashi tsakanin karɓar aiki da gama shi. Wanda ya ce zai riƙa sayen ƙarfe kullum kaɗan-kaɗan kamar Toyota zai iya cin asara. Amsar tana cikin bambanci tsakanin sayen ƙarfe da yanka shi. Cikakken bututu dukiya ce: zai iya zama ƙofa, ya zama get, ko a mayar da shi Ƙofar Ruwa a sayar. Da zarar an yanka shi zuwa mita 2.1, ya zama na ƙofa iri ɗaya tak, idan ba a nemi irinta ba kuwa sai masu sayen ƙarfe a kilo. Mai hali ya sayi ƙarfensa da wuri, musamman na aikin da ya karɓi kuɗinsa, ya jera shi a inuwa. Yanka ne zai jira kati.

Ita kanta Toyota ta ɗanɗana haɗarin rashin ajiya. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke yi mata wani ɗan bawul na birki. Abin da ke hannu na 'yan kwanaki ne, sai layukan haɗa motoci suka tsaya. Kamfanoni masu yawa da ke hulɗa da ita suka taru suka ƙera bawul ɗin, aiki ya dawo cikin kusan mako guda. Ƙaramin shago ba shi da irin wannan gayya a bayansa. Duk abin da daga wuri ɗaya ake samunsa, ko sai an yi odarsa daga Legas, ya cancanci a ajiye shi da yawa.

Akwai kuma ayyukan da lissafin turawa ne ya dace da su. Idan shago ya samu kwangilar teburan makaranta 200 da za a miƙa cikin mako shida, yawan sananne ne, ranar sananniya ce. Dole a zauna a lissafa baya-baya: yaushe za a sayo ƙarfe, yaushe kafinta zai kawo katako, tebur nawa za a gama a mako. Mako shida kwana 36 ne na aiki, don haka ana buƙatar tebur 6 a yini, a gama a kwana na 34. Amma ko a nan ba hikima ba ce a yanka ƙafafun tebur 200 a makon farko. A haɗa guda ɗaya tukuna a kai wa mai kwangila ya amince, sannan a riƙa sakin aikin kashi-kashi gwargwadon abin da walda ke cinyewa. Lissafi ya tsara sayayya da rana, kati ya tsara yanka.

Ana gane tsarin ya fara lalacewa ta alamomi bayyanannu. Idan aka ga yankakken ƙarfe a ƙasa ba kati a jikinsa, wani ya karya doka, kuma sau da yawa maigida ne da kansa, ranar da babban mutum ya zo da gaggawa. Idan aka ƙirga katuna ranar Asabar aka samu 3 maimakon 4, ɗaya ya ɓace, masu walda kuma za su fara rasa kaya ba a san dalili ba. Idan katuna suna taruwa a ƙusa ba sa sauka, yanka ko lanƙwasa ya samu matsala. Idan kuwa akwai akwatin da ya yi mako biyu ba a taɓa shi ba, ko katunan sun yi yawa ko kasuwar wannan ƙofar ta mutu. Buƙata ma tana sauyawa, gine-gine sun fi yawa da rani, don haka adadin katin da ya dace a watan Janairu ba lallai ya dace a watan Agusta ba. A sake lissafin duk bayan 'yan watanni.

Ga shago mai mutum takwas, abin da ya fi dacewa gauraye ne: kwali biyu ga ƙananan kaya, kati ga 'yan kayan da ake nema kullum, ƙayyadadden adadi ga aikin oda, lissafin rana ga kwangila da sayen ƙarfe. Mai shagon da ke son sanin matsayinsa ba ya buƙatar kwamfuta. Ya ƙirga duk aikin da aka fara ba a gama ba a safiyar gobe, ya raba da abin da yake gamawa a yini. Adadin da ya samu shi ne kwanakin da masu kayansa ke jira, kuma daga wannan adadin zai fara ragewa.